Karma ba ita ce ƙaddara ba, 'yar'uwa

"Ina jinyar maigidana a Delhi, ciwon ƙoda. Wata Bahindiya ta ce min karma ɗinsa ce. Wai ƙaddara take nufi?"

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ba ƙaddara take nufi ba, kuma na san ɗacin wannan maganar.

A addinin Hindu rai ba ya ƙarewa da mutuwa ɗaya. Yana barin jiki a sake haifarsa a wani, mutum ko dabba, haka ake ta zagaye, shi suke kira samsara. Duk abin da mutum ya aikata, alheri ko sharri, yana bin ransa, shi ne karma. Malamansu sun kasa shi uku, kamar hatsi: sancita shi ne duk abin da ke rumbu daga rayuwoyin baya, fararabda shi ne wanda aka ɗebo don wannan rayuwar, shi ke zaɓa wa mutum iyaye da jiki da tsawon kwana, kiriyamana kuma wanda yake shukawa yanzu. Fararabda ba ya juyuwa, sai an cinye shi. Babban burinsu ma fita daga zagayen gaba ɗaya ne, wato moksha.

To kin ga, ciwon a wurinsu aikin hannun mai shi ne a wata rayuwar da bai ma tuna ba. Mu kuwa rayuwa ɗaya ce, Allah ne Ya sani Ya rubuta, kuma jarrabawa ba lallai hukunci ba ce. Annabawa sun fi kowa shan ta.

Ni a birnin Chennai na Indiya aka faɗa min irin wannan maganar, lokacin da muka kai ɗana mai sikila dashen ɓargo. Ranar zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa duk gyambo saboda maganin, ko ruwa ba ya haɗiya. Na dawo masauki ina kuka, matar da ta ba mu haya ta tare ni a matakala ta ce in daina, yaron bashinsa yake biya. Yaro ɗan shekara 7! Ko sannu ba ta ce ba, washegari ma kuɗin wuta ta zo tambaya. Har yau in na tuna fuskarta zuciyata tafasa take. Sikila daga jinina da na babansa ya gada, mu biyun AS ne, wane bashi ya ci?

Amma ba duka suke haka ba. Wata ma'aikaciyar jinya, ita ma Bahindiya, ta ce a fahimtarsu wanda ya ga mai wahala ya ƙi taimako yana shuka wa kansa mugun karma ne, kuma neman magani dole ne. Ƙila wadda ta faɗa miki ma lallashi ta yi niyya.

Kada ki yi musu da ita a asibiti, ki ce mata addininmu daban kawai. Kada kuma ki kai wa maigida maganar, mara lafiya yana riƙe abu a rai. Ki riƙa cin abinci don Allah, ni sai da na faɗi a layin karɓar magani. Kin sami matan Najeriya a kusa da ke? Ki neme su, ko don ki sami mai zama da shi ranar wankin ƙoda ki ɗan runtsa.