Atirofin ko firalidokzim: wanne zan ajiye a asibitinmu na ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ne ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a ƙauye, babban asibiti yana da nisan awa biyu daga wurinmu. Duk damina sai an kawo mana wanda maganin feshi ya buga ko yaron da ya sha fiya-fiya. Kuɗin da kwamiti ya ba ni ba su da yawa. Atirofin zan saya ko firalidokzim? Kuma alamomin suna ruɗa ni, ko da wata dabarar riƙe su? Daga wani ma'aikacin lafiya a jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya saka da alheri. Sayi atirofin, kuma ka saye shi da yawa, fiye da abin da kake jin ya isa. Zan kawo maka dalili da lissafi, amma sai mun fara ganin abin da gubar take yi a jiki, domin daga nan alamomin suke fitowa.

Jijiya tana aika saƙo ga tsoka ko ga wuraren da ke samar da yawu da gumi ta hanyar sakin wani sinadari mai suna asetilkolin. Da saƙon ya isa, wani sinadarin daban, kolinestares, yakan farfasa shi nan take, sai wurin ya huta. Magungunan ƙwari na dangin oganofosfet, irin su daikulobos da ake samu a yawancin fiya-fiya, da kulofirifos da daimetowet na feshin gona, suna manne wa kolinestares su hana shi aiki. Dangin kabamet, irin su kabofuran, haka su ma suke yi. Sai asetilkolin ya taru, saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa.

Don haka ga abin da za ka riƙe, kalmomi uku: zuba, tsuke, lafa. Zuba shi ne duk wani ruwan jiki ya ɓalle, kuma idan ka bi mutum daga sama zuwa ƙasa ba za ka manta ko ɗaya ba: hawaye, majina, yawu, gumi, amai, fitsari, zawo. Tsuke shi ne ƙwayar ido ta ƙanƙance ta zama ɗan ɗigo, hanyoyin iska na huhu su matse har ka ji numfashi yana fito. Lafa kuma zuciya ce ta rage gudu, jini ya sauka. Cikin waɗannan duka, ruwan da ke kisa shi ne wanda ba a gani da ido, wato wanda ke cika huhu. Mutum yana kwance a kan gado amma ruwan jikinsa yake shaƙe shi.

Akwai kashi na biyu, na tsoka, wanda za ka riƙe da kalmomi biyu: ɓari, sannan saki. Za ka fara ganin nama yana motsi da kansa a ƙarƙashin fata, a fatar ido, a harshe, a cinya. Daga baya gaɓoɓi su saki, har tsokar numfashi. Idan gubar ta kai ƙwaƙwalwa sai a ga ruɗewa, jijjiga ko suma. Wannan kashi na biyu yana iya sa zuciya gudu maimakon lafawa, saboda haka in ka ga mutum sharkaf da gumi, ƙirji yana ƙurƙur, amma bugun zuciya 110, kada wannan ya hana ka ba shi atirofin.

Magungunan biyu su ma da kalma ɗai-ɗai za ka riƙe su: atirofin busarwa, firalidokzim ɓamɓarewa. Atirofin ba ya taɓa gubar ko kaɗan. Zuwa yake ya tare wuraren da asetilkolin ke sauka a huhu, zuciya, hanji da ido, sai zuba da tsuke da lafa su ja baya. Ba ya aiki a mahaɗar jijiya da tsoka, shi ya sa ɓari da saki ba ruwansu da shi. Firalidokzim shi ne ke zuwa ya ɓamɓare gubar daga jikin kolinestares ya mayar da shi bakin aiki, kuma nan ne ake sa ran zai taimaki tsoka.

In an ji haka sai a ɗauka firalidokzim ne babba. A wurinka ba haka ba ne. Na farko, yana da wa'adi. Mannewar gubar kamar siminti take, da ɗanyensa ana iya kankarewa, in ya kama sai haƙuri. Ga daikulobos da daimetowet, cikin kusan awa 4 rabin kolinestares ɗin da aka kama ya riga ya wuce ceto. Ga kulofirifos lokacin ya fi tsawo, sama da awa 30. Ka san yadda ake kawo maka mutane: sai an gwada madara da manja a gida, an nemi mai babur, yamma ta yi. Na biyu, kabamet yakan saki kolinestares da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka yawanci ba a buƙatar firalidokzim a kansa. Na uku, hujjar amfaninsa ba ta zauna daram ba. Wani gwaji a Indiya da aka wallafa a 2006 ya nuna amfani, amma a asibiti mai injin numfashi kuma ga waɗanda aka kawo da wuri. Wani kuma a Siri Lanka da aka wallafa a 2009, mai marasa lafiya 235, bai ga an rage mace-mace ba. Ga yawan da ake buƙata: miligiram 30 ga kowane kilo a farko, a hankali cikin minti 30, sannan miligiram 8 ga kowane kilo duk awa. Mutum mai kilo 60 zai ci giram 1.8 a tashin farko, sannan fiye da giram 11 a cikin awa 24. Kwalba biyu a cikin kabad ba za su kai shi ko'ina ba. Kuma in aka tura shi da sauri a jijiya yana sa amai, hawan jini, har tsayawar zuciya. Aikin babban asibiti ne, kuma ko a can ba a ba da shi sai an riga an ba da atirofin.

Yanzu mu ɗauka an kawo maka magidanci mai kilo 60, ya yini yana feshin wake da rana ba riga mai hannu, tankin yana yoyo a bayansa. Yawu na dalala, bugun zuciya 48, ka sa abin sauraro ka ji ƙirji cike da ruwa. Sa safar hannu. Wani ya cire masa tufafin ya wanke shi da sabulu, amma kai kada ka tsaya jiran wankan. Kwantar da shi a gefen hagu, share baki, sa iskar oksijin in kana da ita, ka nemi jijiya. Rashin oksijin ba dalilin jinkirta atirofin ba ne.

Duba kwalbarka, domin akwai mai miligiram 0.6 akwai mai miligiram 1. Mu ce ta 0.6 ce. Fara da kwalba 3 a jijiya, wato miligiram 1.8. Bayan minti 5 ka sake sauraron ƙirji, ka ƙirga bugu. In babu canji, ninka: kwalba 6. Bayan wasu minti 5, kwalba 12. In har yanzu ruwa na nan, kwalba 24. Ka ga a cikin minti 20 mutum ɗaya ya cinye kwalba 45, miligiram 27. Wannan ne wurin da hannun ma'aikata da yawa ke rawa, su yi ta ba da kwalba ɗai-ɗai duk rabin awa, mutum ya tafi alhali magani na cikin kabad. In an fara samun sauƙi ba sai ka ninka ba, ka maimaita adadin ƙarshe ko ƙasa da shi. Ga yaro kuwa ana farawa da miligiram 0.02 zuwa 0.05 ga kowane kilo, a ninka haka nan.

Yaushe za ka tsaya? Riƙe wannan: ƙirji, tamanin, tamanin, hammata, ido. Ƙirji ya washe, bugun zuciya ya haura 80, lambar sama ta awon jini ta haura 80, hammata ta bushe, ƙwayar ido ta daina zama ɗigo. Na jera su ne bisa muhimmanci. Ido yakan makara wajen buɗewa, wanda ya bi shi zai wuce gona da iri.

Da ya kai nan, gubar fa tana nan, ƙarfin atirofin kuma zai ƙare a jikinsa. Sai ka sa masa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na jimillar da ka ba shi duk awa a cikin ƙarin ruwa. Ga mutumin namu, kusan miligiram 3 ke nan, kwalba 5 duk awa. Tafiyar awa biyu ta ci 10, sai wasu a aljihun wanda zai raka shi, ko ruwa ya dawo a hanya. Shi ya sa nake ganin kada kabad ɗinka ya gaza kwalba 100 kafin a fara feshi, kuma ka duba ranar lalacewa kafin ka biya.

Yawan atirofin ma yana da alamarsa, kuma ka santa, domin sinadarin danginsa ne ke cikin zaƙami. Jiki ya bushe ya yi zafi, mutum yana sambatu yana fizge-fizge, ciki ya yi shiru, fitsari ya ƙi fita. In ka ga haka ka tsayar da ruwan na rabin awa zuwa awa ɗaya, ka ci gaba da ƙasa da na da.

Ragowar kuɗin ka sa su a jakar hura numfashi ta hannu, na'urar zuƙe majina ko da ta ƙafa ce, da allurar dayazifam, miligiram 10 a jijiya a hankali ga babba mai jijjiga. Jakar nan ita ce za ta tsaya wa mutum inda atirofin ba ya kaiwa.

Abubuwa biyu kuma. Ka nemi a zo maka da kwalbar da aka sha ko aka fesa, domin ba duk maganin gona ne wannan dangin ba. Farakwat na kashe ciyawa ba ya jin atirofin, kuma a kansa oksijin na iya ƙara ɓarna, sai in numfashi ya tsananta. In babu zuba babu tsuke, kada ka fara ninka allura. Ka kuma riƙa gaya wa jama'a a daina ɗura madara ko manja, a daina sa amai, domin huhu suke gangarawa.

Na biyun, ko mutum ya farfaɗo yana hira, ka tura shi babban asibiti. Tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu tsoka tana iya sake saki, ta fara daga wuya ta kai ga numfashi, kuma atirofin ba ya hana wannan. Gwajin mai sauƙi ne: yana kwance ka ce ya ɗaga kansa daga matashi, ka ɗan danne goshinsa. In ya kasa, yana buƙatar inda akwai injin numfashi. In kuwa da gangan ya sha, kada a yi masa faɗa a kan gado. Ka rubuta hakan a takardar da za ka haɗa shi da ita, tare da sunan maganin, lokacin da ya sha, da jimillar atirofin da ka ba shi.