Muryar Dakta: zaɓi uku duk gaskiya ne, wanne zan ɗauka?

Tambayar da wata ɗalibar fannin lafiya ta turo gurup: "Dakta, ina wuni. Don Allah a tambayoyin da ake cewa a zaɓi amsa mafi dacewa, sai in ga zaɓi biyu ko uku duk daidai ne a littafi. Ina rage su su koma biyu, sai in ɗauki wanda ba shi ba. In na zo bita kuma ban san me zan duba ba."

Ga amsar da aka kwafo daga muryar:

Lafiya lau ƙanwata, ya karatu? To, ki saurara da kyau, sauran 'yan gurup ma ku matso. Mai rubuta irin wannan tambaya da gangan yake kawo zaɓin da ke da ƙamshin gaskiya. Kowane zaɓi da kika gani a jerin nan amsa ce daidai, amma ga wani majinyaci daban, ko ga wannan majinyacin a wani lokaci daban. Saboda haka ki daina tambayar kanki, shin wannan magana gaskiya ce? Abin da za ki tambaya shi ne, wace kalma ce a jikin labarin ta kashe wannan zaɓin? In ba ki iya ɗora yatsa a kan kalmar ba, ba ki gama da tambayar ba, ko da kin ci ta.

Bari mu ɗauki misali guda mu yi masa filla-filla. Mace ce 'yar shekara 26, rabonta da al'ada sati 7. Ta zo da ciwon mara mai tsanani tun awa 3 da suka wuce, da ɗan ɗigon jini ta gaba. Gwajin fitsari ya nuna ciki. Awon jininta 80 bisa 50, bugun zuciya 124 a minti, hannuwa sun yi sanyi, ciki ba ya taɓuwa don ciwo, kuma tana kukan kafaɗar dama. Layin ƙarshe ya ce, wane mataki ne ya fi dacewa a ɗauka yanzu? Zaɓi na A, a yi mata sikanin ta farji. Na B, a auna hCG yanzu a sake bayan awa 48. Na C, allurar metotireksat. Na D, ƙarin ruwa da jini tare da shiga tiyata cikin gaggawa. Na E, allurar anti-D.

Kin ga duk wanda ya karanta babin cikin wajen mahaifa ya haɗu da biyar ɗin nan a shafi ɗaya. Babu ƙarya ko guda a ciki. Kuma gano cutar ba shi ne wahalar ba, kusan kowa a aji zai ce cikin wajen mahaifa ne. Inda ake faɗuwa shi ne a tsaya a sunan cutar. Da ƙwaƙwalwa ta ce cikin wajen mahaifa, sai ta jawo abin da ta fi haddacewa, wato sikanin, hannu ya tafi kan A.

Yanzu ki rufe zaɓin da tafin hannunki, ki koma kan lambobin. Bugun zuciya 124, awon jini na sama 80. Ki raba 124 da 80, za ki samu kusan 1.5. Mai lafiya yana tsakanin 0.5 da 0.7. Da zarar bugun zuciya ya haura lambar sama ta awon jini, jikin nan yana cikin matsala. Kuma ki tuna yarinya ce mai ƙuruciya, irin waɗanda jikinsu ke riƙe awon jini daram har sai sun zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsu. Kafin nata ya faɗo 80, jini mai yawa ya riga ya tafi. Ina ya tafi, alhali ɗigo kawai ake gani a waje? Nan ciwon kafaɗa ya ba ki amsa. Jini ya taru a cikin ciki har ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar tantanin kuwa daga wuya take fitowa, C3 zuwa C5, wuri ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa, shi ya sa ake jin ciwon a can. Ke nan bututun ƙwai ya fashe, tana zubar da jini a ciki. Amsa D ce.

To bitar gaske daga nan take farawa. Ki ɗauki ragowar huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki rubuta masa abu biyu: kalmar da ta kashe shi, da abin da za a canza a labarin ya zama shi ne amsa.

Na A, abin da ya kashe shi 80 bisa 50 ne. Da an ce awon jininta 118 bisa 76, bugu 82, ciwon kaɗan ne, ciki da laushi, to sikanin ne amsa ba gardama, domin a lokacin abin da ake nema shi ne a san ina cikin yake zaune. Wani zai ce, ai a asibiti muna ɗora na'urar a kan ciki a bakin gado cikin minti ɗaya mu ga ruwa. Haka ne, kuma aiki ne mai kyau matuƙar bai jinkirta tiyata ba. Amma zaɓin da aka ba ki sikanin ne a matsayin mataki shi kaɗai, ga kuma wani zaɓin a gefensa da ke tsayar da jinin. Ki amsa abin da ke kan takarda.

Na B yana rayuwa ne in an riga an yi sikanin ba a ga komai ba, babu ciki a mahaifa, babu ƙullutu a gefenta, matar kuma tana zaune lafiya. A nan ake auna hCG sau biyu da tazarar awa 48, a ga yana hawa yadda ya kamata, ko ya tsaya, ko yana sauka. Kalmar da za ki nema ita ce, sikanin bai nuna inda cikin yake ba. Babu ita a labarinmu, kuma matar nan ba ta da awa 48 ɗin da za ta jira.

Na C shi ne ya fi jan ƙwararrun ɗalibai, saboda yana da kamar ilimi mai zurfi. Metotireksat yana da sharuɗɗa, kuma mai tambaya kan karya guda ɗaya tak ya ɓoye shi a tsakiyar labari. Sai matar tana tsaye da ƙafarta ba alamar zubar jini a ciki, bututun bai fashe ba, ƙullutun bai kai milimita 35 ba, babu bugun zuciyar ɗan tayi, hCG bai haura 5000 ba, hanta da ƙoda lafiya, kuma za ta iya dawowa a bibiye ta. Ana ba da miligiram 50 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, a auna hCG rana ta 4 da ta 7, ana son ya sauka da aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakanin biyun. Kin ga magani ne mai aiki cikin kwanaki. Ki lura da wannan sosai: za a iya ba ki mace mai awon jini lafiya lau, komai ya yi kama da na metotireksat, sai a jefa rabin layi a ce an ga bugun zuciya a ƙullutun, ko a ce ba za ta iya dawowa asibiti ba. Wannan rabin layin shi ne tambayar gaba ɗaya, amsa ta koma tiyata.

Na E kuwa, ana ba mai jinin Rh negetif, amma ba a ma faɗa miki rukunin jininta ba, kuma allurar kariya ce ga cikin da za ta yi nan gaba. Ba ta tsayar da jini yau.

Kin ga daga tambaya ɗaya kin fitar da biyar. Zai ci miki minti goma, na sani, amma ya fi ki karanta bayanin tambaya ashirin kina gyaɗa kai.

Sai layin ƙarshe. Ki karanta shi tun kafin ki karanta labarin, domin labari ɗaya na iya samun amsa daban-daban. Gwajin farko daban, gwajin da zai tabbatar da cutar daban. Matakin gaba daban, maganin da zai raba ta da cutar daban. In kin rage zaɓi ya koma biyu kin rasa na ɗauka, sau da yawa ɗaya na yanzu ne, ɗayan na anjima. Ki jera su a kan lokaci, ki ce wanne zan yi kafin wanne, kuma in na fara da wannan me zai samu majinyacin?

Ga ƙaramin misali a kan haka. Saurayi mai ciwon suga ya zo da DKA, an riga an ɗaura masa ruwan gishiri, sakamako ya dawo suga sama sosai, fotasiyam 2.9. A cikin zaɓi an ba ki insulin, an ba ki fotasiyam, an ba ki bayikabonet. Insulin shi ne maganin cutar, babu musu. Amma insulin yana tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki, in kika ba wanda yake 2.9, fotasiyam ɗin zai ƙara faɗuwa, bugun zuciya ya rikice. Don haka fotasiyam da farko, insulin ya jira har ya hau. Da lambar 4.5 ce, insulin ne amsa. Da kuma ba a ce an ɗaura ruwa ba, ruwan gishiri yana cikin zaɓi, to shi ne na farko. Duk lambar da ta sha bamban da sauran a jerin sakamako, ki tsaya a kanta, ba ado aka sa ta ba. Haka in aka ce miki babu kaza, kamar babu zazzaɓi ko babu sanƙarewar wuya, yawanci wani zaɓi ake kashewa da ita, ki nemo shi.

A littafin bitarki, kada ki kwafe bayanin amsa. Layi uku sun isa: alamar da ta yanke hukunci, zaɓin da ya ja ki da dalilin da ya ja ki, sai irin kuskuren. Ko ba ki san maganar ba ne sam, wannan sai komawa littafi. Ko kin san ta amma idonki ya tsallake alamar, wannan gyaransa ki riƙa ja layi a ƙarƙashin shekaru, tsawon lokacin ciwo, awon jini da bugu, da abin da aka riga aka yi wa majinyaci. Ko kuma kin amsa tambayar da ba a yi miki ba, kin ba da magani alhali gwaji aka nema. Waɗanda kika ci da canke su ma ki sa su cikin kuskure, don ranar jarrabawa za su iya juya miki baya.

Bayan kwana uku ki sake buɗe tambayar, ki rufe zaɓin, ki faɗi amsar da alamar da baki. Yau da dare ki ɗauko biyar daga cikin waɗanda kika faɗi, ki yi musu haka, ki turo hoton shafin nan gurup mu duba tare.