Abin da ke cikin baka

"Maigida, rubutun nan na cikin baka a takardar wasan kwaikwayo da kake cewa mu haddace, ai ba wanda zai faɗe shi a gaban jama'a. Mene ne amfaninsa? Kuma in ɗan wasa ya juya gefe ya yi magana, wa yake gaya wa?"

Ɗana, ɗauko takardar wasan gonar gado da muke shirin yi a filin firamare, ka duba fitowa ta biyu. Baffa yana ce wa maraya: "Gonar ubanka amana ce a hannuna." In bakinsa kaɗai ka bi, ka ga dattijon arziki. To karanta abin da ke cikin baka: ya sa ƙafa ya tura takarda ƙarƙashin tabarma. Takardar cinikin gonar ce. Shi ya sa nake hana mai fitowa a Baffa murguɗa baki ko sauya murya irin ta mugu. Ya yi maganar da taushi, har da tausayi, ƙafar ce za ta tona shi. Sai dai a shimfiɗa tabarmar ta gaba, kada kujera ta kare ta, don in na baya ba su ga ƙafar nan ba, fitowar ta tashi a banza.

Mu Hausawa mun fi kowa bukatar wannan, saboda kunya ta ɗaure mana baki. Uwar yaron nan, shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta kamawa. Da zai tafi Wudil neman aiki, abin da ta ce kawai shi ne "Allah ya kiyaye hanya." Amma na rubuta cewa ta kwance bakin zanenta, ta zuba kuɗin a aljihun rigarsa da ke rataye, ba ta dube shi ba. Da na sa ta ce tana ƙaunarsa, matan da ke kallo za su ce wannan ba uwar ƙauyenmu ba ce.

Maganar gefe kuwa, 'yan kallo ake gaya wa. Yaron ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa," sannan ya karkato kai wajen jama'a: "Na ga takardar." Daga nan kowace gaisuwa da zai yi wa Baffa, jama'a sun san haƙuri ne yake haɗiya. Kada ka yi raɗa wai don sirri ne, ɗaga murya har na kan katanga su ji. Shi kuma Baffa ya ci gaba da jan carbinsa. In ka ga ya ɗago kai ko ya tsai da hannu, an ɓata, a sake.

Abu ɗaya ka riƙe: ta gefe tana faɗin abin da mutum ya gaskata ne a ransa, ba lallai ya zama haka ba. A fitowa ta huɗu yaron zai ce a gefe, "Har da Inna aka haɗa baki." Ka faɗe ta da dukan zuciyarka, ko da yake kai ka san kuɗin nan na aljihunka.