Mai hoto, daina zuba rubutu a kan fuskar amarya

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai hoto ne a unguwar Zariya nan Maradi, shekara huɗu ina ɗaukar aure da suna. Ina so in haɗa hotunana masu kyau wuri guda don masu neman aiki su gani. Da PixelLab nake rubuta sunan amarya da ango da rana da lambata a kan hoton. Yanzu wata Hajiya ta ce in cire sunan ɗiyarta, kuma wannan kwafin kaɗai gare ni. Ya zan yi?

Ƙanena, gaskiya wasiƙarka ta tayar min da hankali, don ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya kawo min wayarsa haka nake tararwa, sunan amarya da ja da ruwan zinare kamar allon shagon ɗinki a kasuwa, ita kuma amaryar tana leƙowa ta bayan harufa. Amsar da ba za ka so ba ita ce, idan ka adana hoton a kan na asali, abin da ke ƙarƙashin rubutun ya tafi. Fayil ɗin JPEG shimfiɗa ɗaya ce, inda harafi ya zauna launin rigar da ke wurin an maye gurbinsa. Manhajojin goge abu cikewa kawai suke yi da abin da suka kintata, a kan bango fari zai wuce, amma a kan leshi ko zanen lalle duk mai ido zai gane. Kafin ka fidda rai duba katin kyamara idan ba ka goge shi ba, duba kilen da ka ba dangin ango, duba ko ka taɓa tura wa wani ta WhatsApp kafin ka yi rubutun. Idan babu, sai ka yanke gefen da sunan yake, idan kuma a tsakiya yake to ka cire hoton gaba ɗaya. Hajiya tana da gaskiya, ɗiyarta ce.

To yanzu ga yadda nake so ka koma yi. Kowane fayil na hoto yana da wani aljihu a cikinsa da ake ajiye bayani ba tare da ya taɓa hoton ba, ana ce masa IPTC, da shi masu hoton jarida suke aiki. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic a kwamfuta ka shiga Library, ka buɗe Metadata, za ka ga gurbin Caption, idan naka na Faransanci ne Légende zai rubuta. Nan ne gidan bayanin. Yau ka rubuta, gobe Hajiya ta kira, ka goge kalma biyu, hoto yana nan lafiya lau. Sunanka kai kuma yana da nasa gurbin, Creator da Copyright, sau ɗaya za ka cika ka zuba wa hotunan bikin duka.

Amma ka sani, WhatsApp yana zubar da wannan aljihun idan ka tura a matsayin hoto, yana kuma matse hoton. Sai ka zaɓi Document sannan fayil ɗin ya isa yadda yake. Instagram ma ba zai ɗauko maka bayanin da kansa ba, kai za ka manna. Shi ya sa ni kullum nake da takarda ɗaya ta rubutu a cikin kowace jakar biki, sunan fayil a hagu, bayani a dama, kuma sunan fayil ɗin da rana yake farawa:

```
2024-03-09_kamu_017.jpg
```

Ka saba da wannan, shekara uku nan gaba za ka nemo hoto cikin minti ɗaya maimakon ka yi ta laluben IMG dubu biyar.

Sai abin da za ka rubuta, wanda shi ne ya fi damuna. Wanda yake kallon hotunanka uba ne ko yayar amarya da ke neman wanda za su ba aiki wata mai zuwa, ba ruwansu da sunan waccan amaryar, abin da suke so su sani ko ka iya shiga ɗakin da ya cika da mata babu haske ka fito da hoto mai kyau, ko ka san lokacin da ake ɗaga hannu a yi fatiha. Saboda haka bayani ya faɗi wace hidima ce, a wane gari, wane wata, me ke faruwa a hoton, in da hali ka ƙara yadda ka ɗauka. Ɗauki wancan fayil na sama misali. A maimakon "Amarya kin sha kyau, Allah ya bar ku tare" da furanni goma, rubuta: "Kamu, Maradi, Maris 2024. Ƙawayen amarya na ciniki da dangin ango a bakin ƙofa. Hasken taga kawai, ban kunna filasha ba." Layi biyu ne, amma mai karatu ya san ka gane al'ada, ya san ka iya aiki a duhu, kuma babu sunan kowa. Daga biki mai hoto ɗari huɗu, guda goma sha biyu sun ishe ka, ɗaurin aure, sa lalle, kamu, kai amarya, kowanne da abin da ya bambanta shi, kar ka manna jimla ɗaya a ƙarƙashinsu duka.

Hoton suna kuwa wallahi nan nake roƙonku. Ana raɗa suna rana ta bakwai, to duk wanda ya rubuta cikakken sunan jariri da sunan ubansa da ranar suna da unguwa ya ba duniya ranar haihuwar yaron da ƙofar gidansu, lissafin ba ya buƙatar boko. Ɗan damfara irin bayanin da yake nema ke nan kafin ya kira kawu a Katsina ya ce daga gidan wane ne. Wata da shekara sun isa, gari ya isa, ba sai unguwa ba. Ga wanzami da askarsa, ga ragon suna, ga kwanon goro da dabino, ga hannun kaka riƙe da ƙafar jariri, duk waɗannan suna nuna gwanintarka ba tare da ka buɗe fuskar mai jego ba. Idan da waya ka ɗauka, fayil ɗin na iya ɗauke da GPS na gidan, don haka lokacin fitarwa a Lightroom ka sa alama a Remove Location Info, musamman idan ta Document za ka tura, tunda can komai yake tafiya. Izini kuma ka nema a rubuce ko a saƙon murya ka ajiye, kuɗin da suka biya ka na ɗauka ne, ba na tallata su ba. Lambarka ta zauna a bayanin shafinka, a kan hoto ƙaramin tambari a kusurwa ya wadatar, shi ma a kan kwafi.

Tambaya: Idan na rubuta ɗaurin aure ko ƙunshi a katin hoto sai ɗ da ƙ su koma akwati. Wayata ce ta lalace? Daga wata mai hoto a Tibiri.

'Yar'uwa wayarki lafiyarta ƙalau, salon harafin da kika zaɓa ne bai san Hausa ba, yawancin masu lanƙwasa ɗin nan na ado haka suke. Koma Noto Sans ko Andika, ki gwada da ɓ ɗ ƙ ƴ kafin ki fara aiki.

Tambaya: Bayanina a Instagram yana yankewa, sai an danna kafin a ga sauran.

Haka aka yi shi malam. Yana karɓar har harafi 2,200, amma wajen 125 na farko kawai ake gani. Kai kuma na tabbata sallama da godiya ga abokan arziki ka cika wurin da su. Fara da sunan hidima da gari, gaisuwar ta koma ƙasa.