Jera kuɗin abinci a layi ɗaya ba tare da buga ɗigo da hannu ba

*Maigida, Hajiya mai rumfar abinci ta bakin tasha ta kawo jerin abincinta in buga mata. Na sa ɗigo-ɗigo tsakanin suna da kuɗi, amma kuɗin sun ƙi tsayawa a layi ɗaya, wani ya shige ciki, wani ya fita. Ina gyaran yake?*

Ɗana, laifin na ɗigon ne da ka buga da yatsanka. Haruffan kwamfuta ba faɗinsu ɗaya ba. Dubi "m" da "i" a cikin kalmar "miya", ɗaya ya kusa ninka ɗayan sau uku. Saboda haka "Dambu" da "Shinkafa da wake" ba za su ƙare a wurin da ɗigo zai iya cike giɓin daidai ba, ko da ka wuni kana ƙarawa kana ragewa. Ga shi kuma Word yakan haɗe ɗigo uku su koma alama ɗaya mai nata faɗin, shi ya sa ka ga wasu ɗigon sun matse wasu sun ware. Goge su duka. Kwamfutar ce za ta zuba ɗigon da kanta, kai naka kawai ka faɗa mata inda kuɗin zai tsaya.

Fara da awo. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Word ɗinmu na Faransanci yana barin 2,5 a kowane gefe, abin da ya rage na rubutu shi ne 16. Wannan 16 ɗin shi ne bakin dama, nan muke so kowane kuɗi ya ƙare. In ka sake faɗin gefe, ko Hajiya ta ce ƙaramar takarda take so, sai ka sake lissafi. A5 faɗinta 14,8, in ka bar 1,5 a kowane gefe, bakinka ya zama 11,8.

Yanzu rubuta jerin. Sunan abinci, ka danna maɓallin Tab sau ɗaya tak, shi ne mai kibiya biyu a hagun harafin A na allon AZERTY, sannan kuɗin, sannan Entrée. Kamar haka, inda kibiyar nan take nufin Tab:

```
Dambu da zogale→300 F
Shinkafa da wake→500 F
Tuwon masara miyar kuka→500 F
Gasasshiyar zabuwa, rabi→2 500 F
Fura da nono→200 F
```

Za ka gan shi a hargitse tukuna, kada ya dame ka. Zaɓi layukan biyar ɗin gaba ɗaya su yi duhu. Wannan matakin yara suka fi tsallakewa, su yi saiti su ga layi guda kaɗai ya gyaru, domin saitin yana bin layin da aka zaɓa ne, ba ya bin takarda duka. A ƙarƙashin Accueil, danna ƴar kibiyar da ke kusurwar Paragraphe, a ƙasan akwatin da ya buɗe ka danna Tabulations. A Position rubuta 16 cm. A Alignement zaɓi Droite. A Points de suite zaɓi na 2, mai ɗigo. Danna Définir, sannan OK. Nan take ɗigon zai miƙe daga ƙarshen kowane suna har bakin kuɗinsa.

Droite ɗin nan shi ne zuciyar aikin. In ka bar shi a Gauche, farkon lambobin ne zai daidaita, sai 3 na 300 ya hau kan 2 na 2 500. Mai saye da ke tsaye da yunwa, ga direba yana kira, ido kawai yake kaiwa, kuma yana iya ɗaukar dambun dala sittin da zabuwar jika biyu da rabi kamar kuɗinsu kusa suke. Da Droite, sifili na ƙarshe yana hawa kan sifili, ɗari kan ɗari, dubu kuwa ta leƙo hagu ita kaɗai, mai tsada ya nuna kansa tun daga nesa. Akwai Décimal a wurin, amma na masu kuɗi da waƙafi ne, sefa ba ta da wannan a farashin abinci, ka ƙyale shi.

Sai dai jerin ba zai yi kyau ba sai ka rubuta kuɗin iri ɗaya. In wani layi ya ƙare da F, wani da FCFA, wani babu komai, sifilin zai karkace ko da saitin daidai ne, tunda harafin ƙarshe ne yake jingina da bakin. Ni na fi son F kaɗai. Hajiya kuma da dala za ta faɗa maka, haka muke ciniki a Maradi, kai ne za ka ninka sau biyar: dala ɗari, ka rubuta 500 F. Ka sake karanta mata kowane ɗaya kafin ka buga. Tazarar da ke cikin 2 500 da wadda ke gaban F ka sa su da Ctrl+Maj+Espace, ita ba ta barin lamba ta rabu biyu a ƙarshen layi.

In wani layi ya ƙi, kada ka yi ta share-share a makance. Danna alamar ¶ da ke Accueil, duk abin da yake ɓoye zai fito: Tab kibiya ce, tazara kuma ɗan ɗigo ne a tsakiyar layi. Kowane layi kibiya ɗaya ya kamata a gani. In ka ga biyu, ta biyun ce ta tura kuɗin ya faɗo layin ƙasa, cire ta. In ɗigon bai fito ba sam, ko kuɗin ya tsaya kusa da suna, wannan layin bai shiga cikin waɗanda ka zaɓa ba, yana bin tsohon awon Word na 1,25. In kuma akwai wata tsohuwar alama a kan ma'aunin sama da wani ya dasa, kuɗin zai tsaya a kanta kafin ya kai 16. Shiga Tabulations, danna Effacer tout, ka sake saitin daga farko.

Mai rumfa ba ta rasa ƙaramin faranti da babba. Wannan wurin tsayawa biyu yake so: ɗaya a 12,5 cm, ɗaya a 16 cm, duka Droite, duka da ɗigo, kuma ka danna Définir bayan kowanne. A layin sai suna, Tab, 300 F, Tab, 500 F. Amma ka lura fili ya ragu. In ka kai girman rubutu 20 don a karanta daga bakin benci, dogon suna kamar "Tuwon masara miyar kuka da nama" zai cinye wurin ɗigon. Gajarta sunan, ka sauko da bayanin miya zuwa layin ƙasa da ƙaramin rubutu, shi babu Tab.

Wajen irin rubutu, tsaya kan Arial ko Calibri, lambobinsu faɗi ɗaya ne, suna hawa kan juna daidai. Georgia yana da kyau a ido amma lambobinsa wasu suna hawa wasu suna sauka, bai dace da farashi ba. In za ka kai wani wuri a buga mai launi ko a rufe da leda, ka mayar da shi PDF tukuna don kada wata kwamfuta ta canja maka rubutun. Na Word ɗin kuma ka adana shi da sunan rumfar. Ranar da hatsi ya tashi ta dawo ta ce 500 ya koma 600, lambar kaɗai za ka taɓa. In ta ƙara taliya, sa alamar rubutu a ƙarshen layin da kake so ta biyo, danna Entrée, sabon layin zai zo da saitinsa.