Asusun yaro a gajeren labari: ta ina kuɗin za su haihu?

Tambaya: Malam, ina rubuta gajeren labari a kan uban da ya koya wa ɗansa haƙuri da ajiye naira 100 kullum a asusu. Ina so bayan shekara biyar kuɗin su zama jari. Yaya zan yi mai karatu ya yarda?

Amsa: Malama, fara da lissafi, domin mai karatu zai yi shi ko ke ba ki yi ba. Naira 100 kullum ta zama 36,500 a shekara, 182,500 a shekara biyar. Asusu ba ya ƙara ko kwabo, kuma darajar abin da ke cikinsa raguwa take yi. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wato 36,500 sai ta sayi abin da kimanin 28,000 ta saya a 2023. Uban da ya bar takardun kuɗi shekara biyar a asusun ƙasa, asara ya koya wa ɗansa.

Saboda haka ki sa a fasa asusun da zarar kuɗin sun isa sayen budurwar akuya, irin jar nan ta Sakkwato. Cikinta wata biyar ne, kuma bayan haihuwar fari takan yi tagwaye. Matan a bar su a turke, bunsuran a sayar gabanin Sallah. Yanzu naira ɗarin yaron ta koma kuɗin dusa da harawa da allurar rigakafi, shi kuma kullum yana ganin abin da yake jira da idonsa.

Inda na fi so ki daɗe shi ne ranar jarrabawa, don nan ne labarin yake. A ce a shekara ta biyu abokinsa ya zo da sabon keke, ga kuma wani dillali ya taya akuyar tana da ciki wata huɗu. Kada uban ya hana. Ya miƙa masa igiyar ya ce, "Taka ce, Auwalu. Amma ka taɓa cikinta kafin ka sallama." Yaron ya ɗora tafin hannunsa, ya ji motsi. Ki bar shi ya kwana da shawarar, ya tashi ya yanke da kansa. In uban ne ya yanke, biyayya kika nuna, haƙurin bai fito ba. Kuma don Allah kada ki sa masa karin maganar dafa dutse a baki, mai karatu ya riga ki zuwa can.

Ki bar asara ta shigo. Da damina gudawa da tsutsar ciki sukan kashe 'yan awaki, to ɗaya ta mutu, yaron ya yi kuka, washegari ya share turken ya jefa ɗarinsa a sabon asusu. A ƙarshen shekara biyar kada ki ba shi garke. Awaki shida ko bakwai sun isa, kowa zai yarda da su.