Yarona na da ƙarancin G6PD: wane magani zan guje wa?

Tambaya: "A Gadarif nake. An ce ɗana na da ƙarancin G6PD. Wane magani zan kiyaye?"

Maman yaro, G6PD sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini; in ya yi ƙaranci, wasu magunguna da abinci na iya fasa su. Maganin farko da za ki kiyaye shi ne primaquine, wanda ake ƙarawa bayan maganin zazzabin cizon sauro nau'in vivax, kuma akwai wannan nau'in nan gabashin Sudan. Kada a ba shi sai likita ya ga sakamakon gwajinsa. Haka dapsone, da nitrofurantoin na ciwon mafitsara, da Septrin. Paracetamol daidai awo ba matsala.

Abin da ya fi damuna ful ne, wato waken fava, tunda kullum yana kan faranti. Hana shi ful da ɗa'amiyya, wato ƙosan da akan iya yi da ful, kada kuma a shafa masa lalle.

Kwana 1 zuwa 3 bayan shan magani, in fitsarinsa ya koma kalar shayi, idonsa ya yi rawaya, yana haki, ki tsayar da maganin ku tafi asibiti nan take. Wataƙila sai an ƙara masa jini.